Ejan ya soke Umararmu, wata biyu kuɗi shiru

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na biya wani ejan a Kano naira miliyan biyar kuɗin Umarar azumi, ni da mahaifiyata. Ana saura kwana huɗu ya ce an fasa. Wata biyu ke nan, kullum maganarsa kamfanin jirgi bai maido masa ba. Ina da rasiti da shaidar tura kuɗi ta banki. Ya zan yi?

Tsohon mai yankan tikiti: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya musanya. Fara gano ko ya yanki tikitin ma tukuna. Ki ce ya turo miki lambar tikiti, ita lambobi 13 ce. Idan PNR kawai ya ba ki, mai haruffa da lambobi shida, wannan kama kujera ne, ana yinsa ba a biya ko sisi ba. Ki kira kamfanin jirgin da lambar, za su gaya miki ko an maido. In babu tikiti, kuɗinki na hannunsa, zancen jirgi ya faɗi.

Sai ki rubuta masa takarda, a daina murya ta WhatsApp. Ki sa nawa kika biya, ranar da kika biya, ranar da ya soke, da lambar asusunki. Ki ba shi kwana 14, ki rubuta ainihin ranar da wa'adin zai cika. A ƙasa ki ce in ta wuce za ki kai ƙorafi hukumar alhazai ta ƙasa NAHCON, tunda ita ke ba su lasisin Hajji da Umara, sannan FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, sannan kotu. Kwafi biyu za ki kai ofishinsa, a sa hannu da kwanan wata a naki.

Wani ɗan'uwa: Wace takarda kuma? Ki kai shi wajen 'yan sanda ya kwana biyu a bayan kanta, kuɗi za su fito.

Wata lauya: A'a Malam. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya, kuma zai iya juyowa ya yi ƙarar Hajiya. Sai in akwai damfara ƙarara, kamar bizar bogi. Hajiya, kada ki rubuta barazanar tona shi a intanet, ki tsaya kan matakan da za ki ɗauka da gaske. Idan ya roƙi biya kashi-kashi, a rubuta ranaku da adadi, ya sa hannu gaban shaidu.

Wata Hajiya: Ni bara da haka ta same ni an cire kuɗin biza, wai Saudiyya ba ta maidowa.

Tsohon mai yankan tikiti: Gaskiya ne in bizar ta fito, amma ya nuna ta a fasfonki ko a takarda.

Wata lauya: Ni ko ta fito ban yarda a ɗora wa Hajiya ba, ai shi ya soke. Ki nemi miliyan biyar ɗinki cif, shi ya kawo hujjar ragi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba yanzu, PNR kawai ya taɓa turo min. Gobe zan kai takardar.