Na sha maganin awo amma aka haifi ɗiyata da ƙullutu a baya, yaya zan yi da ciki na gaba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan na haifi ɗiyata da ƙullutu a ƙasan gadon bayanta, likitoci suka ce sifaina bifida ce. An yi mata aiki, amma ƙafafunta ba ƙarfi, fitsari ma ba ta iya riƙewa. Na fara awo cikin yana wata huɗu, kuma ban taɓa tsallake folik asid ɗin da aka ba ni ba. To me ya sa bai yi aiki ba? Yanzu muna son ƙarin haihuwa, tsoro ya hana ni barci.

Maman Hanan: Allah ya ba ta lafiya. Ki riƙa auna kanta da tef. Ɗan ƙanwata da aka haifa da irin wannan, ruwa ne ya taru masa a kai, muna ganin kan yana girma, maɗigarsa ta kumbura, idanunsa suna kallon ƙasa, sai da aka sa masa roba mai janye ruwan zuwa ciki.

Anti Ungozoma: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganin ba shi da laifi, ke ma ba ki da shi, lokacinsa ne ya riga ya wuce. A farkon halitta, abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka shimfiɗe yake, sai ya naɗe kamar bututu ya rufe. Rufewar tana kammala ne wajen kwana 28 da shigar ciki, wato kusan sati biyu bayan ranar da kika sa ran ganin al'ada ba ki gani ba. Mata da yawa a lokacin ba su ma tabbatar suna da ciki ba. In ƙasan bututun ne bai rufe ba, shi ne abin da ya sami ɗiyarki. In saman ne, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba sa haɗuwa, jaririn kuma ba ya rayuwa. Ƙwayar da kika fara a wata huɗu ta taimaki jininki, amma ta tarar da wancan aikin ya ƙare tuntuni.

Duk macen da za ta iya ɗaukar ciki, miligiram 0.4 ake so ta sha kullum, tun aƙalla wata ɗaya kafin cikin ya shiga. Ke taki daban ce. Wadda ta taɓa haifar irin wannan ana ba ta miligiram 4 ko 5 kullum, gwargwadon tsarin ƙasar da take. Ki ga likita ya rubuta miki, ki fara wata uku kafin ku bar tsarin tazara, ki ci gaba har cikin ya cika sati 12, sannan a mayar da ke kan ƙaramar ƙwayar. Wani babban bincike da aka fitar a 1991 a kan mata irinki ya nuna miligiram 4 ya rage maimaituwar da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Ummu Sadik: Ai da sauƙi, tunda 0.4 ne a maganin awo, ta sha goma ta samu 4 ke nan.

Anti Ungozoma: Lissafin daidai ne, amma don Allah kada ta yi haka. Ƙwayar awo yawanci haɗe take da sinadarin ayan na ƙarin jini, wasu ma da bitamin A. Goma a rana guba ce gare ta, bitamin A mai yawa kuma shi kansa yana nakasa ɗan tayi. Folik asid zalla za ta nema, ta karanta adadin a jikin kwali.

Hajiya Babba: 'Yata, ni tawa jikar uwarta ta sha tun kafin ciki, kuma aka haife ta da shi. Ashe maganin farfaɗiyar da take sha ne, balfurowet. Shi ya sa ni ban gama yarda da ƙwayar nan ba.

Anti Ungozoma: Hajiya, gaskiya ne ba ya karewa duka. Balfurowet yana daga manyan abubuwan da ke jawo shi, kuma folik asid ba lalle ya kawar da wannan haɗarin ba. Likita ne zai canza maganin kafin ciki, kada mace ta daina da kanta, faɗuwa ta fi haɗari. Ciwon suga da bai daidaitu ba, da ƙiba sosai, da zazzaɓi mai zafi a makonnin farko, duk suna ƙarawa. Mai tambaya, kina da ɗaya daga cikinsu?

Mai tambaya: Suga dai an ce ya ɗan hau a wancan cikin, ban sake aunawa ba. In cikin ya yi shekara bai shiga ba fa, haka zan ta shan mai 5 ɗin?

Anti Ungozoma: Ki auna sugan kafin komai. Yawanci ana ci gaba da sha muddin ana neman cikin, sai dai in ya daɗe likita zai so ya duba bitamin B12, don folik asid mai yawa kan ɓoye ƙarancinsa. In ciki ya samu, ki gaya wa mai hoto tarihinki, ya bi ƙashin bayan ɗan tayin gaɓa-gaɓa tsakanin sati 18 da 22.