Neman kalma: me za mu kira "ribalansin" da Hausa?

Mai Fassara: Jama'a, kalmomi biyu sun tsaya mini. Ta farko, yadda mutum ke raba jarinsa tsakanin hannun jari da takardun lamuni gwargwadon shekarunsa da burinsa. Ta biyu, gyaran da ake yi wa rabon duk shekara, wato ribalansin. Na sa "rabon dukiya" da "sauya jari". Sun yi?

Dattijo: Ɗana, "rabon dukiya" gado zai kawo wa mai karatu a rai. Ka ce kasafin jari. "Sauya jari" kuma kuskure ne, don ba a sauya tsarin kasafin. A ce kasafinka kashi 60 hannun jari, 40 takardun lamuni, a kan 100,000. Shekara ta yi kyau, 60,000 ɗin suka zama 78,000, 40,000 suka zama 42,000. Jimilla 120,000, hannun jari ya koma kashi 65. Kashi 60 ɗinka 72,000 ne, sai ka sayar da na 6,000 ka sayi takardun lamuni. Kasafi ya koma mazauninsa. Ni daidaita kasafi nake cewa.

Hajiya Ƙarama: Wato a sayar da kamfanonin da suka faɗi a huta ke nan, Baba?

Dattijo: Akasin haka, 'yata. Wanda ya tashi ake ragewa, a ƙara wa wanda ya yi ƙasa, shi ya sa yake da wuyar yi. In aka bar shi, ɓangaren kasada yana ta kumbura ba a sani ba. A 2008 manyan hannayen jarin Amurka sun zube da kusan kashi 37. Mai kashi 80 a hannun jari ya fi mai kashi 60 jin jiki.

Ɗan Lissafi: Batun shekaru ai mai sauƙi ne: cire shekarunka daga 100. Ɗan shekara 30 ya sa kashi 70 a hannun jari, shi ke nan.

Malama: Wannan ƙiyasi ne kawai, ya manta da buri. Ɗan shekara 30 da zai sayi gida nan da shekara biyu bai kamata kuɗin gidan su shiga hannun jari ba, domin in kasuwa ta faɗi ba shi da lokacin jiran farfaɗowarta. Kuɗin ritayarsa ne za su jure kashi 70. Gyaran kasafin kuwa sau ɗaya a shekara ake yi, saboda sayarwa takan ci kamasho, wani wurin har da harajin riba, ga shi a wata ɗaya rinjayen ɓangare ɗaya bai cika yin yawa ba. Mai zuba sabon kuɗi ma ya zuba a ɓangaren da ya yi ƙasa, ba sai ya sayar ba. Amma Baba, "daidaita" ba zai sa a ɗauka hamsin-hamsin ake nufi ba? Na fi son maido da kasafi.

Mai Fassara: Kasafin jari ya zauna. Ta biyun zan gwada su a jimla tukuna. Saura "fotifoliyo", wato tarin jarin mutum gaba ɗaya: kundin jari ko jakar jari?