Rukuni huɗu, duti na awa 12: yaya zan tsara hutu ba a cuci kowa ba?

Baban Hamdiya, Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ni ke kula da ma'aikata a wata masana'antar ruwan leda nan Kumasi, injinmu ba ya tsayawa dare da rana. Mutum 16 gare ni, na raba su rukuni huɗu, duti daga 6 zuwa 6. Rostar da na zana ta jawo mini surutu: wani rukuni ya sauka daga aikin dare washegari ya kama na safe, wani kuma ya ce wata guda bai ga Lahadi a gida ba. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Awudu Sikiriti: Wa alaikumus salam. Masta, abin ba wuya. Rana biyu, dare biyu, hutu kwana huɗu. Kowane rukuni ya fara kwana biyu bayan na gabansa, shi ke nan. Haka muke yi a wajen gadinmu, kuma kowa awoyinsa ɗaya duk wata.

Hajiya Memuna, Asawase: Awudu ɗana, tsarinka yana aiki, na yi shi shekaru a asibiti kafin in yi ritaya, amma kwana huɗun nan a takarda ne. Ka sauka ƙarfe 6 na safe, ido ja wur, ka hau trotro, ka isa gida yara suna shirin makaranta. Ranar farko barci ne ke cinye ta, uku ne naka. Batun awoyi ɗaya duk wata kuwa, sake duba takardar albashinka.

Malam Issaka, Tafo: Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙa. Baban Hamdiya, fara da lissafi kafin ka ja layi. Mako awa 168 ne, ka raba wa rukuni huɗu, kowa ya tashi da 42. Duk yadda ka juya rosta, wannan 42 ba ta motsi. Abin da kake zaɓa kawai shi ne yadda za ta faɗo.

Na Awudu zagayensa kwana 8 ne, mako kuwa 7, don haka hutun mutum yana matsawa gaba da kwana ɗaya kowane zagaye, sai bayan kwana 56 ya dawo inda ya fara. Cikin mako huɗu wani rukuni zai yi duti 16, wani 12. A ƙarshe lissafin yana daidaita, amma ka je ka faɗa wa wanda ya yi 16 haka ranar biyan albashi.

Ni wanda na saba da shi shi ne biyu-biyu-uku: aiki biyu, hutu biyu, aiki uku, sannan a juya, hutu biyu, aiki biyu, hutu uku. Mako biyu da rana, mako biyu da dare. Ga shi daga Litinin, R rana, D dare, H hutu:

```
A  RRHHRRR HHRRHHH DDHHDDD HHDDHHH
B  HHRRHHH RRHHRRR HHDDHHH DDHHDDD
C  DDHHDDD HHDDHHH RRHHRRR HHRRHHH
D  HHDDHHH DDHHDDD HHRRHHH RRHHRRR
```

Gwajinsa da yatsa ake yi. Bi kowace rana daga sama zuwa ƙasa, dole ka ga R ɗaya, D ɗaya, H biyu. Sannan ka bi kowane rukuni a kwance, kada ka taɓa ganin R manne da bayan D, nan ne rostarka ta yanzu ta karye. A kwana 28 kowa duti 14, bakwai rana bakwai dare, ba wanda ya wuce uku a jere, kuma duk bayan mako ɗaya mutum yana da Juma'a, Asabar da Lahadi a hannunsa. A zango wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda aure da adu'a duk a ƙarshen mako ake sa su. Mutum zai iya duba kalanda tun yanzu ya ce wa dangi ranar kaza ina nan.

Fuseini Direba: Ni ban ga abin wahala ba. A bar masu son dare a dare, masu rana a rana. Ƙanena shekara uku yana aikin dare, bai taɓa kuka ba.

Hajiya Memuna: Fuseini, tambayi matarsa.

Baban Hamdiya: Malam, Allah ya saka da alheri. Na kwafe shi a bayan kwali na bi da yatsa, ya fita daidai. Sai dai mako na farko rukunin A duti biyar ne, awa 60 ke nan. Ba za a ce na wuce doka ba? Sannan Juma'a fa?

Malam Issaka: Idan ka fara ƙirgen mako daga Lahadi, za ka ga 48 da 36 maimakon 60 da 24, amma wannan kwalliya ce, gajiyar dai tana nan. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, wato Act 651, ta sa awa 8 a rana ko 40 a mako. Ga masu duti ta yarda a ɗauki matsakaici cikin mako huɗu ko ƙasa da haka, in akwai tsayayyen jadawali. Mako huɗu awa 160 ke nan, naka 168. Wato kowane mutum yana da rarar awa 8 a kowane zagaye. Ko dai a biya su obataim, ko a ba mutum hutun da zai cinye su. Ka rubuta yarjejeniyar, ka kai wa ofishin leba su duba kafin ka manna ta a bango.

Juma'a kuwa, cikin huɗu guda ɗaya ce tak ke samun rukuni a aikin rana. Ranar ka raba hutun abincin su huɗun, ko a yi musanya da abokan aiki Kirista, su kuma a rama musu Lahadi. Musanya dai ta bi ta hannunka, a rubuce, don kada wani ya haɗa awa 24 yana neman kuɗi.

Rukaya, Sawaba: Malam, a yi haƙuri da ni, akwai abin da na gani. A ya gama dare safiyar Juma'a, sai Litinin zai kama rana, awa 72. B kuwa ya sauka safiyar Litinin, Laraba da asuba yana bakin inji, awa 48 cif. C irin na A, D irin na B. Su B za su gano wannan tun wata na farko.

Na biyu, a wurin da nake aiki mun yi wannan tsari, abin da ya ci mu miƙa aiki ne. Mai shigowa ya makara minti 20, mai fita ba zai bar inji ba, kuma sai an ƙirga jakunkuna an duba rol ɗin leda. Doka ta ce hutun awa 12 tsakanin aikin yau da na gobe, ga shi an gutsure shi tun kafin a shiga cunkoson Kejetia. A dare na uku ne muke ganin ledar da ba ta liƙe ba ta fi yawa.

Malam Issaka: Gaskiyarki ne 'yata, duka biyun. Na awa 48 ɗin ban san gyaransa ba sai an taɓa wani gefe, ni dai faɗa musu nake tun farko. Baban Hamdiya, saura ɗaya: rostar nan ba ta san rashin lafiya ko hutun shekara ba, kuma doka ta ba kowa aƙalla kwana 15 na aiki. Mutum 16 ba tare da mai cike gurbi ba, 'yan hutu za ka riƙa kira a waya, H ɗin ta zama ado.

Awudu Sikiriti: Ni dai har yanzu namu ya fi mini. Dare biyu kawai a jere, ba uku ba.

Baban Hamdiya: Zan kai musu duka biyun ranar Asabar su zaɓa. Mai cike gurbin ne ban san yadda zan tunkari mai gida da shi ba, jiya ma kan kuɗin man janareta muka rabu.