Bugun zuciyata yana tsallake amma ECG bai nuna komai ba

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina zaune a Agege, kuma akwai abin da ya hana ni sukuni. Idan na kwanta da daddare, musamman a gefen hagu, sai in ji zuciyata ta ɗan tsaya, sannan ta buga da ƙarfi har maƙogwaro. Babu ciwon ƙirji, babu jiri ko haki.

Likita ta yi mini ECG, wato gwajin da ke nuna yadda zuciya take bugawa, ta gwada jinina, komai lafiya. Ta ce bugu ɗaya ne yake riga lokacinsa, yana fita da rauni tun zuciya ba ta cika da jini ba, shi ya sa ba na jinsa. Sai zuciyar ta dakata ta cika sosai, na gaba ya zo da ƙarfi. Ta ce masu lafiya da yawa suna yinsa, kuma yawanci ba ya cutarwa idan zuciyar kanta lafiya take. Na rage goro da kofi, ya ragu amma bai daina ba.

Inda na maƙale shi ne, ECG na ƴan daƙiƙu ne, kuma abin bai taso lokacin ba. Shin in nemi Holter, na'urar da ake ɗaurawa awa 24 ta ƙirga sau nawa bugun yake tsallakewa, ko hoton zuciya na eko ya kamata in fara yi? Kuɗina na ɗaya ne kawai. Don Allah likitocinmu ku taimaka.