Dawar da ke ɗauke da alamar jure fari ta bushe a gona, ina kuskuren yake?

Assalamu alaikum malamaina. Ɗalibi ne ni a Katsina, aikina ya cije.

Na yi barbarar Kaura ta gida da B35, dawar nan da ganyenta ke zama kore bayan ta yi fure ko da ruwa ya ɗauke. Sau 2 na mayar da 'ya'yan kan Kaura, sannan na bar su suka barbari kansu. Yankin gado na Stg2 da ke kiromosom na 3, mai alaƙa da wannan hali na zama kore, nake bi, da alamar DNA guda ɗaya tak, don kuɗin sinadari ya fi ƙarfina. Cikin tsirrai 120, guda 28 suka nuna alamar B35 zalla a jel ɗin gwajin DNA, kusan kashi ɗaya cikin huɗu da ake tsammani. Har na fara murna.

Da rani na shuka zuriyar 28 ɗin nan a Ajiwa, na yanke ban ruwa da suka fara fure. Bayan mako 4, zuriyar guda 9 ce kawai ke da ɗanyen ganye. Sauran sun bushe ƙayau daga ƙasa, karan wasu ya kwanta, ba su da maraba da Kaura.

Zargina biyu. Ko alamar ta yi nisa da Stg2 har sun rabu wajen barbara, ko kuwa laifin gwajina ne, domin masu koren nan su suka makara wajen fure da kusan kwana 10.

Yaya zan bambance? In sa alama a kowane gefen yankin in sake tantancewa, ko in fara jera su bisa ranar fure? Irin da ya rage ba zai wuce gwaji ɗaya ba.