Jajayen ƙwayoyina suna ɓacewa duk sanda na zo dubawa, ku taimaka

Ƴar Kawo: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan akiya masu son gishiri ne, wato wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da suka yi kama da bakteriya amma jinsinsu daban. Tun kafin azumi nake yawo, na je Tudun Wada sau uku kafin wani dillalin fata ya yarda ya yanko min gefen fatar akuya da aka barbaɗa wa gishiri, wadda ta yi jan tabo. Kuɗin faranti da aga ma yayana ne ya biya, shi da yake fama da hidimar aure. Na goga auduga a tabon na shafa a faranti, na sa amfisilin don ya kashe bakteriya. Kwana 12 sai ga ɗigo-ɗigo ja kamar manja. Amma da na yi rinin Giram ban ga komai ba sai dagwalo, kuma farantai shida da na sake shukawa babu wanda ya tsiro. Saura faranti ɗaya, saura sati uku in kare aikin. Me nake yi ba daidai ba?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ba akiya kika samu ba. Su fa a ruwan zafin duwatsu masu aman wuta suke zama, akwai wadda aka ga tana hayayyafa a digiri 122. Tantaninsu shimfiɗa ɗaya ce mai ƙarfi, bangonsu kuma sudomiyurin ne. Abin da ya jure tafasa ai ba rinin Giram ne zai narkar da shi ba. Ki sauya batu tun da sauran lokaci.

Malam na Unguwar Rimi: Abban Sadik, ka haɗa dabbobi uku ka yi musu kai ɗaya. Mai digiri 122 ɗin Methanopyrus kandleri ce, gaskiya ne, a 2008 aka ba da rahoton. Tantani mai shimfiɗa ɗaya irin su Sulfolobus ke da shi. Sudomiyurin kuwa wani ɓangare ne kawai na masu yin iskar metan ke da shi. Masu son gishiri ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƴata, kin ba mu labarin yayanki amma ba ki faɗi abu ɗaya da nake buƙata ba. Gishiri nawa ne a farantin, kuma a wane ruwa kika dama ƙwayoyin kafin rini da sake shuka?

Ƴar Kawo: Malam, giram 200 na NaCl na sa a lita ɗaya ta aga. Damawa kuma a ruwan gishirin lab, mai kashi 0.85 cikin ɗari. Shi kowa yake amfani da shi, haka yake a littafin aikinmu. Na busar da gilashin a wuta na wanke da ruwan famfo kamar yadda aka koya mana.

Malam na Unguwar Rimi: To nan ne kika kashe su, da hannunki, sau bakwai. Ki saurara da kyau.

Bakteriya tana da feftidogilaikan, wato raga ce guda ɗaya ta sukari da gajerun sarƙoƙin amino asid da aka ɗinke juna, ta kewaye ƙwayar kamar buhun da aka ɗinke bakinsa. In ruwa ya kwararo ciki, ragar ce take riƙe ta kada ta fashe. Shi ya sa kike dama E. coli a ruwan 0.85 ta fito lafiya.

Halobacterium salinarum, wadda aka daɗe da sanin tana cikin masu jawo jan tabo a fatar da aka sa wa gishiri, ba ta da wannan ragar sam. Abin da ke bayan tantaninta shimfiɗa ce ta furotin mai ɗauke da sukari, an jera su ɗaya kusa da ɗaya kamar tayil. Ba ɗinke su aka yi ba. Furotin ɗin cike yake da cajin da ke ture juna, gishirin waje da magniziyam ne suke kwantar da cajin har jerin ya tsaya. Sannan cikin ƙwayar ta tara KCl da ya kai wajen mola 4, don ta yi daidai da gishirin da ke waje. Ke kuma kin ɗauke ta kin jefa a ruwan da gishirinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na farantinki ba. Jerin tayil ya watse, ruwa ya afka ciki, babu ragar da za ta riƙe. Dagwalon da kika gani a madubi, kayan cikinsu ne.

Ban ce lallai ita ce kika samu ba. Na ce abin da kika ba da labari ya yi kama da ita ƙwarai.

Maman Ilham: Innalillahi. Don Allah wannan jan abin yana cikin gandar da muke saya a Kasuwar Barci? Yarana suna son ganda sosai, kuma ƙaramin ya yi gudawa satin da ya wuce.

Malam na Unguwar Rimi: Hajiya, har yau ba a tabbatar da wata akiya guda da ke jawo wa mutum cuta ba, kuma wannan jar, ruwan wanki ma fasa ta yake yi. Yaron dai a kai shi asibiti in bai tsaya ba.

Ƴar Kawo: Amma Malam ni ba laifina ba ne, malamin da ke duba aikina ya ga tsarin ya sa hannu. Kuma ai na riga na tabbatar akiya ce tunda amfisilin bai kashe ta ba. Feftidogilaikan yake hana ginawa, su kuma ba su da shi.

Ma'aikacin lab, Kakuri: Rabin maganarki daidai ne ƙanwata. Amfisilin ba ya taɓa akiya, amma bakteriya nawa ne muke gani kullum da suke cinye shi su kwana lafiya? Rashin mutuwa ba shaida ba ce. Kuma ja ba na akiya kaɗai ba ne. Akwai Salinibacter ruber, bakteriya ce cikakkiya, ja ce, tana son gishiri mai yawa, ita ma KCl take tarawa a ciki. A wuraren yin gishiri na ƙasar Sifen aka gano ta. Ni shawarata ki daina ɓata farantin, ki kai a yi miki gwajin DNA na PCR da firaimomin `21F` da `958R` na akiya, a gwada da `27F` da `1492R` na bakteriya. Kwana biyu an gama magana.

Ɗan Rigasa: Kwana biyu a ina? Ni bara na biya kuɗi a wani lab, wata biyu ina sintiri, ƙarshe aka ce firiza ta mutu samfurina ya lalace, kuɗin ma ba a dawo min da shi ba. Nawa aikin a kan iskar girki daga kashin shanu ne, su ma akiya ne ke yin ta. Tankin ya yi tsami ya daina ba da iska, malamina ya ce ni ne ban iya ba. Har yau abin yana min ciwo.

Malam na Unguwar Rimi: Allah ya mayar maka da alheri. Tankinka wataƙila ka cika masa abinci ne, bakteriya suka yi asid fiye da yadda masu metan za su iya cinyewa. Amma mu koma kan yarinyar nan.

Ba na ƙin PCR, sai dai kafin a kashe kuɗi akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Ki sami kwalba biyu ƙanana. Ɗaya ruwan gishiri giram 25 a mililita 100, ɗaya tataccen ruwa. Ki ɗebi ɗan jan ɗigon ki dama a kowacce. Ta gishirin za ta tsaya da duhu-duhu, ja-ja. In irin Halobacterium ce, ta tataccen ruwan za ta washe cikin ƴan mintuna, kuma in kin tsoma waya kin ɗago za ki ga yauƙi yana bin ta kamar miyar kuɓewa. DNA ɗinsu ne da ya zubo.

Rini kuma akwai hanyar da Dussault ya fitar tun 1955 saboda irin wannan matsalar. Ki dama a ruwan gishiri mai kashi 20 zuwa 25, ki bari ya bushe da iska, ban da wuta. Sai ki tsoma gilashin a asetik asid mai kashi 2 na minti biyar. Shi zai kafe ƙwayoyin ya kuma wanke gishirin, daga nan ki ci gaba da rininki. Ja za su fito, wato Giram nagetif, amma kada ki rubuta cewa bangonsu irin na E. coli ne. Kawai dai babu kauri ne da zai riƙe shuɗin.

Sabon faranti: lita ɗaya, NaCl giram 250, MgSO4·7H2O giram 20, KCl giram 2, sodiyam sitiret giram 3, fefton giram 10, sai aga kamar yadda kika saba sawa. Ki ɗaure farantan a leda, in ba haka ba iskar Kaduna ta rani za ta busar da su gishiri ya fito ɓaro-ɓaro a sama kafin kwana goma.

Ma'aikacin lab, Kakuri: Malam, da girmamawa, gwajin kwalbar bai isa ba. Halococcus akiya ce, ja ce, tana fitowa a kayan da aka sa wa gishiri, amma bangonta mai kauri ne na wani irin sukari, ba ta fashewa a ruwa. Akwai kuma bakteriya masu son gishiri da su ma ruwa yake fasa su. Sannan fefton ɗin ma a kula, wasu suna da ragowar sinadarin matsarmama, shi kaɗai yana narkar da su.

Malam na Unguwar Rimi: Maganar Halococcus da fefton ka yi gaskiya. Amma nata ai sun riga sun fashe. Abin da ba ya ƙarya shi ne kitsen tantani. Na bakteriya miƙaƙƙun sarƙoƙin kitse ne da ɗaurin esta, na akiya sarƙoƙin aisofirin masu rassa ne mai kabon 20 da ɗaurin eta, har gilisarol ɗin da suke maƙale a kai juyin na bakteriya ne, kamar hannun hagu da na dama. Ɗaurin esta shi ne wanda soda ke tsinkawa a yi sabulu, na eta kuwa soda ba ta tsinka shi. Rassan nan kuma suna cushe tantanin, gishiri da asid ba sa yoyo ta ciki da sauƙi. Abin da ke sa tantanin Halobacterium ya jure gishiri daban, abin da ke hana ƙwaya fashewa daban. Na farkon tana da shi, na biyun ne gishiri ke ara mata.

Abban Sadik: Ni dai har yanzu ban ga yadda abin da ake kira mai jure wahala zai mutu a ruwan famfo ba. A makaranta ba haka aka koya mana ba.

Ƴar Kawo: Na gode duka. Amma malamina ya ce rinin Giram na littafi yake so a babi na huɗu, ba zai karɓi wata hanya ba, kuma ni ba zan iya ce masa ya yi kuskure ba. Kuɗin PCR ba ni da shi. In na ɗebi ɗigon na yi gwajin kwalba biyu, abin da zai rage a farantin bai fi ɗigo huɗu ba, gefensa ma ya fara fari da gishiri. In na sake shuka yau sai bayan kwana 12, in an sami wuta a inkubeta kenan. Ni ina ganin gobe zan sake gwada rinin da ruwan 0.85 ɗin amma in rage wutar, ko ita ce ta ƙona su.

Malam na Unguwar Rimi: Ba wutar ba ce, ƴata. Kada ki taɓa farantin nan da ruwan 0.85. Shuka tukuna, kai tsaye daga faranti zuwa faranti da waya, babu damawa.

Ƴar Kawo: To Malam, MgSO4 ɗin fa babu a lab ɗinmu, na tambaya tun safe. Akwai wanda yake da giram 20 a nan cikin gari?