Me za mu kira hadarin da ke turo ƙura a gaba?

Hadiza: Salamu alaikum. Ina fassara hasashen yanayi na rediyo, sai na ci karo da "squall line". Na rubuta guguwa, amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Ilu: Ai holoƙo ne, Hajiya. Iska da ƙura, shi ke nan.

Malam Garba: Ilu, ka kama wutsiya ka bar kai. Holoƙo ba ya ba da ruwa, wannan kuwa ruwa na biye da shi kamar da bakin ƙwarya. Guguwa ma ba ta dace ba, don ita juyawa take yi, wannan iskar kuwa miƙe take zuwa.

Da rana ƙasa ta yi zafi, iska mai laima ta tashi sama, gajimare ya haɗu, sau da yawa a kan tuddai irin na Jos ko duwatsun Ayar. Da ruwa ya fara saukowa sai ya ratsa busasshiyar iska a tsakiyar sama, wani ya bushe tun bai iso ƙasa ba. Bushewar nan tana sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo ta malala a ƙasa kamar an kifar da tulu. Ita ce sanyin da kuke ji kwatsam, ita ke kwaso ƙura. Kuma da ta kutsa ƙarƙashin iska mai ɗumi sai ta ɗaga ta, sabon gajimare ya haɗu a gaba. Haka hadarin ke haifar kansa yana tafiya.

Hadiza: To Malam, ina layin ya shigo?

Malam Garba: Hadura ne da yawa kafaɗa da kafaɗa, daga arewa zuwa kudu, tsawon ɗaruruwan kilomita. Akwai iska mai ƙarfi daga gabas a wajen kilomita 3 zuwa 4 sama, ita ke kora su yamma. Gudunsu kamar kilomita 50 a awa. Kano zuwa Gusau kusan kilomita 200 ne a miƙe, wato wanda ya daki Kano da la'asar zai iya isa Gusau bayan isha'i, in bai mutu a hanya ba. Ni da "sahun hadari" zan ce, kamar sahun salla. Bakin iskar kuma "goshin hadari".

Mahamadu: Mu a Maraɗi bara wajen Yuni ya yaye mana kwanon shago, gari ya yi ja wur, amma ko ɗigo. Shi ma sahun ne?

Malam Garba: Wataƙila gefensa ya same ku. Iskar sanyin takan yi wa ruwan nisa, ga ƙasa a bushe a farkon damina, sai ku sha ƙura wasu su sha ruwa.

Ilu: Kun gani? Holoƙona ya dawo.

Hadiza: Goshin hadari na karɓa. Sahun ne nake tantama, domin wanda ke gona ba ya ganin sahu, baƙin gabas kawai yake gani. Yau dai zan ce "jerin hadari mai tafe da iska", in ji abin da masu sauraro za su ce.